Aljanin cikin fitila: daga ina aka samo shi, kuma me aka cire masa a hanya?

Maryam: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina rubuta wani littafi na almara, na kai babi na tara na tsaya cak. Labarin wani yaro maraya ne da ya tsinci zobe, a cikin zoben akwai aljana a ɗaure, duk abin da ya ce ta yi sai ta yi. Na tura wa wata ƙawata ta karanta, sai ta ce min wannan ba aljana ba ce, 'yar aikin fim ce na sa wa sunan aljana. Maganar ta tsaya min a rai, don da na koma na duba sai na ga gaskiya ta faɗa, ban san inda na ɗauko siffar ba. Shi wannan aljanin da ake murza fitila ya fito ya ce a faɗi buƙata uku, daga ina ya samo asali? Yana da tushe a addini, ko tatsuniyar Larabawa ce, ko Turawa ne suka ƙaga?

Nura: Wa alaikumus salam. Turawa ne, babu tantama. Fim ɗin zane na Disney na 1992 ne ya kawo buƙata uku da dokokinsu. Kai, shi kansa labarin Aladin ɗin ba ya cikin Dare Dubu da Ɗaya na asali, wani Bafaranshe ne ya zauna ya ƙirƙira ya cusa. Aljanin fitila ba shi da wata alaƙa da Larabawa, balle addini.

Hajiya Binta: 'Yata, ki yi hattara da zoben da ba ki san asalinsa ba. Duk wanda ya tsinci irin wannan abu kada ya sa a hannu, kuma ya riƙe azkar na safe da yamma. Idan yaron yana jin wani abu a jikinsa a kai shi wajen malamai masu tsoron Allah.

Maryam: Na gode Hajiya, Allah ya saka da alheri. Yaron ba na gaske ba ne, a cikin littafin da nake rubutawa yake.

Hajiya Binta: To, Alhamdu lillahi. Amma ko a littafi ne a kula da abin da ake koya wa yara.

Malam Sabi'u: Malam Nura ya kama wani gefe na gaskiya, amma ya saki wani. Bari in bi abin daki-daki, don ina ganin zai yi wa Malama Maryam amfani ta ga inda kowane sashe ya shigo.

Bafaranshen da ake nufi shi ne Antoine Galland, wanda ya fitar da fassarar Dare Dubu da Ɗaya cikin juzu'i 12 tsakanin 1704 da 1717. Kwafin Larabci da ya dogara da shi daga Siriya ya zo, kuma bai kai ko dare ɗari uku ba. Littafin ya karɓu, masu karatu suna neman ƙari, labarai sun ƙare masa. A 1709 ya haɗu a Paris da wani saurayi Kirista mutumin Halab mai suna Hanna Diyab, shi ne ya ba shi labarai da dama, har da na Ala'uddin, wato Aladin, da na Ali Baba. Galland ya rubuta a kundinsa na yau da kullum cewa a watan Mayu na wannan shekara saurayin ya gama ba shi labarin fitila. Ke nan labarin ba ya cikin tsohon kwafin, wannan gaskiya ne, amma daga bakin mai jin Larabci ɗan Siriya ya fito, Galland ya yi masa nasa kwalliyar. An taɓa fito da wasu kwafin Larabci ana cewa su ne asali, daga baya masani Muhsin Mahdi ya nuna cewa daga fassarar Galland aka mayar da su Larabci.

Abin da ya fi muhimmanci a nan shi ne, a wannan labarin na Galland babu maganar buƙata uku ko kaɗan. Aljanu biyu ne, ɗaya na zobe, ɗaya na fitila, kuma Ala'uddin yana aiken na fitila sau ba adadi, tun daga kawo abinci har gina fada a dare ɗaya. A ƙasar Sin ma aka ce labarin ya faru.

Nura: To idan babu a wajen Galland, ai maganata ta tabbata, Disney ne suka kawo ukun.

Malam Sabi'u: Ba su ba ne. Wani fim na 1940, The Thief of Bagdad, ya riga su da shekara hamsin da biyu, yana da aljanin da aka buɗe daga kwalba ya ba da buƙata uku. Shi ma ba daga sama ya samo ba, daga labarin Masunci da Ifritu ne, wanda yake cikin tsohon kwafin Larabci ɗin. Wannan labarin nake so Malama Maryam ta karanta da kyau.

Wani masunci talaka ya jefa komarsa sau uku bai samu abin kirki ba, a na huɗu ya jawo tulun tagulla, bakinsa a toshe da dalma, an buga hatimin Annabi Sulaiman alaihis salam. Da ya ɓalle murfin sai hayaƙi ya tashi ya dunƙule ya zama ifritu. Kalmar farko da ta fito daga bakinsa ita ce shaidawa babu abin bauta sai Allah, Sulaiman annabin Allah ne, yana roƙon kada a kashe shi, don yana zaton har yanzu Annabi Sulaiman na raye. Da masunci ya gaya masa ai an yi shekara dubu ɗaya da ɗari takwas da rasuwarsa, sai ya juya ya ce to shirya mutuwa. Ya ba da labarin kansa: ya yi wa Annabi Sulaiman tawaye ne aka kulle shi aka jefa a teku. Da farko ya yi alkawarin zai azurta duk wanda ya fitar da shi, ba wanda ya zo. Ya sake alkawarin zai buɗe masa taskokin ƙasa, shiru. Sannan ya ce zai biya masa buƙata uku, nan ma shiru. Da haushi ya cika shi sai ya rantse duk wanda ya buɗe shi zai kashe shi, alfarma ɗaya ce zai yi masa, ya zaɓi irin mutuwar da yake so.

Kin ga inda ukun yake. Alkawari ne da aljanin ya yi don raɗin kansa, kuma ya janye shi kafin masunci ya iso. Babu wata doka ta tulu da ta tilasta masa. Masuncin ma da dabara ya kuɓuta: ya haɗa shi da Sunan Allah mafi girma da ke jikin hatimin kan ya faɗi gaskiya, aljanin ya kaɗu, sannan ya ce shi bai yarda wannan ƙaton jiki zai shiga ɗan tulu ba sai ya gani da idonsa. Yana shiga ya mayar da murfi.

Masu fim sun ɗauki tulun da lamba uku daga wannan labari, suka ɗauki fitila da biyayya daga na Ala'uddin, suka haɗa su suka samu halitta ɗaya.

Maryam: Ikon Allah. Wato shi na cikin tulun yana da laifin da ya yi, yana da wanda ya hukunta shi, yana da fushi, yana tsoron sunan Allah. Tawa aljanar ba ta da ko ɗaya daga ciki. Ban taɓa tambayar kaina wa ya ɗaure ta ba.

Malam Sabi'u: Nan ne gaɓar. Ni ma'aunin da nake amfani da shi idan na ga an aro wani abu daga addini an sa a almara, tambaya ɗaya ce: wannan halitta, wa take amsa wa? Bi ta mataki uku ki gani.

A Alƙur'ani aljani halitta ne daga wuta, kuma aya ta 56 ta Suratuz Zariyat ta haɗa shi da mutum a dalilin halitta, wato bauta. Suratul Jinn ta kawo su suna cewa a cikinsu akwai na kirki da waɗanda ba haka ba, akwai musulmi da karkatattu. Suna da zaɓi, za a yi musu hisabi. Aikin da suka yi wa Annabi Sulaiman, na gini da nutso a teku, da izinin Ubangijinsa ne, kuma a Suratu Sad ya roƙi mulkin da ba zai dace da kowa ba bayansa. Akwai hadisi a Buhari da Muslim cewa wani ifritu ya zo zai ɓata wa Manzon Allah sallallahu alaihi wa sallam salla, ya kama shi har ya yi nufin ɗaure shi a ginshiƙin masallaci, sai ya tuna addu'ar ɗan'uwansa Sulaiman ya sake shi.

A labarin masunci an riga an shiga almara, don tulu da dalma ba su cikin Alƙur'ani, amma har yanzu Allah na sama, annabi na tsakiya, aljani na da ra'ayinsa. A labarin fitila kuwa aljanin yana fitowa ne ya ce shi bawan duk wanda fitila ke hannunsa ne. Da matsafi ya yaudari gimbiya ya karɓi tsohuwar fitila ya ba da sabuwa, aljanin nan da ya gina fadar shi ne ya ɗauke ta ya kai ta Afirka, ko gezau. Ikon da aka keɓe wa annabi ɗaya ya koma jikin wani ƙarfe da kowa zai iya sacewa.

Ko a nan ma akwai ɗan saura. Da aka zuga Ala'uddin ya nemi a rataya ƙwan ƙaton tsuntsun nan na almara da ake kira Rukh a ƙubbar fada, aljanin ya daka masa tsawa, ya ce bayan duk abin da suka yi masa yanzu ubangidansa zai sa ya ɗauko ya rataye? Wannan wurin kaɗai ne ya ƙi. Fim ɗin 1992 ya share wannan, ya maye gurbinsa da dokoki: ba ya kisa, ba ya sa so, ba ya ta da matacce, ba a neman ƙarin buƙata.

Auwal: Malam, ni ta wajen wasanni nake kallon abin. A wasan Dungeons & Dragons, wanda ya fara fitowa a 1974, sun raba aljanu gida-gida: Djinni na iska, Efreeti na wuta, Marid na ruwa, Dao na ƙasa. Wasannin bidiyo da yawa sun kwashi wannan tsari. Na daɗe ina zaton haka yake a littattafan addini, har na taɓa yin musu da wani a kan cewa maridi aljanin ruwa ne.

Malam Sabi'u: Rabon abubuwa zuwa ƙasa, ruwa, iska da wuta na masana falsafar Girka ne, ba na Alƙur'ani ba. Maridi a Larabci mai tsaurin kai ne, mai tawaye, kuma a aya ta 7 ta Suratus Saffat siffa ce aka yi wa shaiɗan, babu ruwanta da kogi. Ifritu sau ɗaya ya zo, a Suratun Naml, wanda ya ce zai kawo gadon sarautar sarauniyar Saba kafin Annabi Sulaiman ya tashi daga mazauninsa. Mai tsara wasa yana buƙatar ya san wane ne ke cin wane, shi ya sa ya ɗauki kalmomin da ke nuna hali ya mayar da su jinsi.

Sunan ma ya taimaka. Faransawa suna da tsohuwar kalma da ake furtawa kusan jeni, daga Latin, ma'anarta ruhun da Rumawa suka yarda yana tare da kowane mutum yana tsaronsa. Ba ta da dangantaka da jinni ta Larabci, sauti ne ya zo ɗaya. Da aka fassara jinni da ita, mai karatu a Turai ya riga ya ji ƙamshin mataimaki tun kafin ya buɗe labarin.

Zainab: Ni ban ga abin damuwa a nan ba, Malam. Haka aka yi wa kowa. Dubi Thor da Loki, allolin tsohon addinin arewacin Turai. A tsoffin waƙoƙin mutanen arewacin Turai Loki ba ɗan riƙon Odin mahaifin Thor ba ne, amininsa ne da suka haɗa jini suka zama 'yan uwa, Hel kuma 'yar Loki ce. Kamfanin Marvel suka mayar da Loki ƙanin Thor, a fim ɗin 2017 suka mayar da Hela 'yar Odin. Shi kansa Snorri Sturluson da ya tattara labaran wajen 1220 Kirista ne, fiye da shekara ɗari biyu bayan ƙasarsu Iceland ta karɓi Kiristanci, har ya ce allolin nan mutane ne da suka taso daga birnin Troy. Idan mai ba da labarin masunci ya halatta wa kansa ƙara tulu, me zai hana Maryam ƙara zobe?

Nura: Bambancin shi ne addinin su Thor ya mutu, babu mai bauta musu, don haka babu wanda za a ɓata wa rai.

Zainab: Bai mutu ƙurmus ba, Yaya Nura. A Iceland akwai ƙungiyar masu bin tsohon addinin da hukuma ta amince da ita tun 1973. 'Yan kaɗan ne, amma suna nan. Kuma a 2012 wasu mabiya addinin Hindu sun yi ƙorafi a kan wasan Smite saboda an sa Kali a cikin waɗanda mai wasa ke juyawa da maɓalli. Abin da ya fi ƙona musu rai ke nan, a ce wadda suke bauta wa tana ƙarƙashin yatsan ɗan wasa.

Malam Sabi'u: Malama Zainab, wannan misalin naki na ƙarshe ai tambayata ce ya maimaita, wa take amsa wa. Ni ban ce kada a ƙara zobe ba. Abin da nake cewa marubuci ya san me ya cire. Wanda ya aro daga addinin da ba nasa ba yakan ɗauki suna da ƙarfi ya bar nauyin da ke wuyan halittar, don bai san da shi ba ko bai dame shi ba. Malama Maryam kuwa masu karatunta sun yi imani da aljanu, sun san aya ta 6 ta Suratul Jinn da ta ce wasu mutane sun kasance suna neman tsari da wasu aljanu sai suka ƙara musu wahala. Idan littafi ya nuna yaro yana aiken aljana, arziki na zuwa, ba abin da ya biyo baya, za su ji wani abu bai zauna ba ko da sun kasa faɗin mene ne. Ina ganin abin da Hajiya ta hango ke nan tun farko.

Zainab: To ai sai ta canza sunan kawai. Ta ƙirƙiri wata halitta tata, ta ba ta suna sabo, ta huta da wannan nauyi duka.

Maryam: Na gwada, Anti Zainab. Na sa wani suna na ƙirƙira a babi biyu, sai labarin ya yi sanyi. Da na rubuta aljana, ba sai na yi bayani ba, tsikar jikin mai karatu ta riga ta tashi. Wannan tsoron nake so, kuma na gane ba ni na gina shi ba, aro na yi.

Ga kuma ainihin abin da ya tsayar da ni a babi na tara. An sace ƙanwar yaron. Tunda aljanar na yin komai, zai ce ta gaya masa inda take ta kuma ɗauko ta, labari ya ƙare a shafi ɗaya. Na yi tunanin in sa dokar buƙata uku, in ce ya riga ya cinye su, amma babi takwas na baya sun nuna yana aikenta kullum.

Malam Sabi'u: Wannan ciwon shi ne ya haifi dokar ukun tun asali. Duk wanda ya cire wa aljani ra'ayinsa ya bar masa ƙarfi, dole ya nemo wani takunkumi daga waje, in ba haka ba labari ba zai yi tsawo ba. Amma ke kina da iyakoki a tushen da ba sai kin ƙirƙira ba. Na farko, aljanu ba su san gaibu ba. A Suratu Saba, Annabi Sulaiman ya rasu yana dogare da sandarsa, suna ta aikin wahala ba su sani ba, sai da gara ta ci sandar ya faɗi. Ke nan aljanarki ba ta san inda yarinyar take ba, sai ta nema kamar kowa, sai dai ta fi sauri, kuma za ta iya kuskure. Na biyu, tana da zaɓi, za ta iya yin ƙarya, za ta iya ɓoye abin da ta gani. Na uku, tana da dangi da addini. Idan musulma ce, me take ji game da yaron da ya same ta a ɗaure ya ci gaba da mora maimakon ya kwance ta? Idan wanda ya sace yarinyar yana aiki da ɗan'uwanta fa?

Sannan ki koma babi takwas ɗin ki duba abincin da kuɗin da take kawowa. A labarin fitila ba a tambayi daga ina farantan azurfa suke fitowa ba. Ke ki tambaya. Idan ba ta halitta daga babu, to daga gidan wani ta ɗauko.

Auwal: Wannan na ƙarshen ya yi min. Sai ya zama wanda ya sace ƙanwar shi ne mai dukiyar da ake ta kwasa.

Zainab: Zai yi daɗi, ban musa ba. Amma ina tsoron kada littafin ya koma wa'azi. Kuma da zarar ta ce tana bin tushe, za a fara auna kowane shafi da ma'aunin malamai, alhali zoben kansa ba shi da aya. Almara da ta fito fili ta ce ni almara ce ta fi aminci a kan wadda ta yi kama da gaskiya rabi da rabi.

Malam Sabi'u: Wannan damuwa ce ta gaske, kuma ba ni da amsar da za ta rufe ta. Yaro zai iya karanta littafin ya ɗauka ana ɗaure aljana a zobe kamar yadda Auwal ya ɗauka maridi na ruwa ne. Abin da zan ce kawai, kada ta jingina ɗaurin ga wani annabi, kada ta ƙirƙiri addu'a ko aya, ta bar shi aikin matsafi a cikin labarin.

Hajiya Binta: Ni dai a kwance baiwar Allah nan kafin littafin ya ƙare. Tun ɗazu ita nake tausayi.

Maryam: In sha Allahu Hajiya, ko da yake ban yanke ko yaron ne zai kwance ta ba ko ita za ta karɓi 'yancinta da kanta. Zan sake rubuta babi na uku tukuna, wurin da ta fara kawo masa kuɗi, in sa ta faɗa masa sunan mai su ya yi kamar bai ji ba. Anti Zainab, idan na gama ke zan fara tura wa, ki nuna min duk layin da ya yi ƙamshin wa'azi. Malam, wane kwafin labarin masuncin zan nema, wanda aka fassara daga bugun Muhsin Mahdi ko kowanne ma ya isa?

Malam Sabi'u: Nemi wanda aka fassara daga bugun Mahdi na 1984, shi ne ya bi tsohon kwafin Siriya. Adadin shekarun da ifritun ya yi a tulu kan kowane alkawari yakan bambanta daga bugu zuwa bugu, kada wannan ya ruɗe ki. Ki kula da abin da ya faru bayan masunci ya sake buɗe shi karo na biyu, da rantsuwar da ya sa shi ya yi kafin ya ɗaga murfin.